Kafin ka ƙera wa gurgu keke, tambaye shi yadda ya shiga banɗaki jiya

Idan aka ce wa matashin da ke neman abin da zai kafa kamfani a kai ya yi tunanin masu buƙata ta musamman, abubuwa biyu ne suka fi saurin faɗo masa: keken guragu, ko kuma wata manhajar waya da za ta riƙa karanta wa makaho rubutu. Duka biyun suna da amfani, amma daga idon mai kallo suka fito. Mai kallo yana ganin gurgu a kan titi, sai ya yanke hukuncin cewa tafiya ce babbar matsalarsa. Bai gan shi da ƙarfe biyar na asuba ba, lokacin da yake lissafin yadda zai tsallake dokin ƙofar banɗaki ba tare da ya tashi ɗansa daga barci ba.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, sana'ar da za ta yi wa mai nakasa amfani, ta kuma ciyar da mai ita, ana gano ta ne ta hanyar bin ayyukan yini ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne ne ya fi cin rai, da lokaci, da mutunci. Sunan nakasar kaɗai ba ya nuna wannan. Zan ɗauki aiki guda, wato shiga banɗaki, in bi shi daga tambaya har zuwa lissafin kuɗi, domin shi ne aikin da ake yi kullum, ake kuma jin kunyar ambatarsa.

Darasin ƙafar Jaipur

A shekarun 1960, likitan ƙashi P. K. Sethi na birnin Jaipur a Indiya ya lura cewa da yawa daga waɗanda aka sa wa ƙafar roba irin ta Turai suna ajiye ta su koma dogara sanda. Ƙafar ba ta da aibu a wurin da aka ƙera ta. An yi ta ne domin mutumin da ke sa takalmi, yake zama a kujera, yake tafiya a kan daɓe mai santsi. Manomin Indiya kuwa yana tafiya ba takalmi, yana shiga laka, yana zama a ƙasa ya harɗe ƙafafu, yana kuma tsugunawa idan zai yi bayan gida. Ƙafar da idon sawunta ba ya lanƙwasa ba ta da amfani a irin wannan rayuwa.

Sethi ya haɗa kai da wani gwanin aikin hannu, Ram Chandra Sharma, suka fitar da ƙafar da ake kira da sunan birnin a 1968. An yi ta da roba da katako, tana lanƙwasa a idon sawu, ruwa ba ya ɓata ta, ana iya tafiya da ita ba takalmi. Abin da ya bambanta ta da waccan shi ne jerin ayyukan da aka ɗora mata: tsuguno, zaman ƙasa, shiga gona. Bahaushen da ya karanta wannan jeri zai ga rayuwarsa a ciki, har ma ya ƙara da zaman tahiya da alwala.

Akwai darasi na biyu da ba a cika ambata ba. Ƙafar ta yaɗu ne bayan da aka kafa wata ƙungiyar agaji a Jaipur a 1975, wadda ke sa wa mutane ita kyauta da kuɗin masu ba da gudummawa. Wato gano matsala daidai mataki ɗaya ne, gano wanda zai biya kuma mataki ne na daban. Za mu dawo kan wannan.

Yadda ake tambaya

Tambayar da ta fi ɓata bincike ita ce, "Me kake buƙata?" Wanda ya saba ganin masu zuwa da takarda da biro suna rubuta sunaye kafin rabon kaya zai ba ka amsar da yake zaton kana da ita a mota: keke, jari, shinkafa. Ba yaudara yake yi ba, darasin da shekaru suka koya masa ke nan.

Tambayar da ke aiki ita ce wadda ke neman labari: "Baba, ba ni labarin jiya, tun daga farkawarka har ka kwanta." Sai ka saurara, kana lura da abubuwa uku. Ina ne ya kira wani ya taimaka masa? Wane abu ya jinkirta ko ya fasa gaba ɗaya? A ina kuɗi ya fita daga aljihunsa saboda abin da mai cikakkiyar lafiya zai yi kyauta? Abin da ya fasa ya fi komai muhimmanci, domin shi ne ba ya fitowa da kansa. Dattijuwar da ta ce ba ta cika shan ruwa bayan la'asar ba, ƙila ba ƙishirwa ce ba ta ji. Ƙila tana gudun fitar dare ne, don kada ta tashi jikarta ta riƙe ta.

Irin wannan zance yana da ladubbansa. Mace ce za ta tambayi mace, namiji ya tambayi namiji, kuma ba a gaban suruki ko 'ya'ya ba. A yi magana da mai nakasar kai tsaye, ko da akwai mai yi masa hidima a zaune, sannan a keɓe da mai hidimar daga baya, domin shi ma yana da nasa nauyin: bayansa ne ke ciwo saboda ɗauka, shi ne ke fasa zuwa kasuwa. A shiga ta hannun shugabanninsu, ko sarkin guragu ne ko sarkin makafi ko reshen haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nakasa ta ƙasa, a kuma faɗa tun farko cewa ba rabon kaya aka zo yi ba. A biya mutum ladan lokacinsa. In ya yarda, a roƙi ganin wurin da ido, da abin awo a hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ka shiga ɗakin za ka san faɗin kwanon da za a sauya.

Bayan hira da mutum ashirin ko talatin, za ka tara koke-koke masu yawa, kuma ba kowanne ne sana'a ba. Rashin hanyar hawa motar haya babbar matsala ce, amma ta fi ƙarfin ƙaramin jari. Matsalar da ta cancanci a zuba mata kuɗi ita ce wadda ke maimaituwa kullum, wadda mutane suka riga suka yi mata wata dabara ta wucin gadi, wadda kuma akwai wani takamaiman mutum da ke jin zafinta a aljihunsa. Dabarar wucin gadi ita ce shaida mafi ƙarfi. Idan ka ga an huda tsohuwar kujerar roba an ɗora a kan masai, ka ga kasuwa, domin wani ya riga ya ƙera kayanka da wuƙa saboda bai samu na saye ba.

Aiki ɗaya, masu saye uku

A yawancin gidajenmu, musamman na cikin gari da ƙauye, masai na tsuguno ne. Tsuguno kuwa yana buƙatar gwiwoyi biyu masu lanƙwasa, da ƙarfin tashi, da daidaiton jiki, da hannu ɗaya da zai riƙe buta yayin da ɗayan ke tsarki. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan ya shiga wahala sau da yawa a yini. Maganin a fili yake: mazauni mai rami a tsakiya da abin dafawa. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka mazauni ɗaya zai yi wa kowa.

Mai saye na farko shi ne wanda shan-inna ta shanye wa ƙafafu, yake rarrafe ko jan jiki a cikin gida. Babbar matsalarsa ita ce tafin hannunsa da gwiwarsa suna taɓa daɓen banɗaki, wanda sau da yawa a jiƙe yake. Idan ka kawo masa kujera mai tsayin kujerar falo, ka ƙara masa aikin hawa. Shi gajeren mazauni yake so, wanda zai iya ɗaga jikinsa ya hau da ƙarfin damatsa, da kuma wasu 'yan katakai masu mariƙi da zai riƙa dafawa don hannunsa ya rabu da ƙasa.

Na biyu shi ne mai zama a keken guragu. Shi yana so mazaunin ya yi daidai da tsayin kujerar kekensa, don ya zame daga wannan zuwa wancan ba tare da hawa ko gangara ba. Ƙa'idar gine-gine ta Amurka ta sa tsayin mazaunin irin wannan banɗaki tsakanin santimita 43 da 48, kuma wannan awo ne mai kyau na farawa. Amma wannan mai sayen yana da matsalar da ta riga mazauni: ƙofa. Keke yana buƙatar ƙofar da faɗinta ya kai wajen santimita 80 zuwa 90, ƙofofin banɗakunanmu kuwa da yawa ba su kai haka ba. Sannan ga dokin ƙofa. Ƙa'idar gangara da aka fi amfani da ita ita ce, kowane santimita ɗaya na tsayi a ba shi santimita 12 na tsawo. Dokin ƙofa mai santimita 15 yana buƙatar gangara mai tsawon santimita 180. Idan tsakar gidan ba ta da wannan fili, ko mai gidan haya bai yarda a fasa bango ba, to mafita ita ce kujera mai bokiti a ƙarƙashi da za a yi amfani da ita a ɗaki.

Na uku shi ne wanda ke iya tsayuwa amma ba ya iya tsuguno: dattijo mai ciwon gwiwa, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, wanda ya karye, mace mai tsohon ciki. Awonsa mai sauƙi ne. A zaunar da shi, tafin ƙafarsa a shimfiɗe a ƙasa, a auna daga ƙasa zuwa bayan gwiwa. Idan mazauni ya gaza wannan tsayi, tashi zai yi wuya. Idan ya wuce shi sosai, ƙafa za ta yi lilo, mutum ya rasa daidaito. Ga mai shanyewar ɓarin jiki kuma, dole a san wane ɓangare ne mai ƙarfi, domin a can za a sa mariƙi da wurin ajiye buta.

Wannan rukuni na uku shi ne ke mayar da aikin ya zama kasuwanci, saboda ya fi sauran yawa, kuma da yawansu ba sa kiran kansu nakasassu. Haka ta faru da kamfanin OXO na Amurka. Sam Farber ya ga matarsa, mai ciwon gaɓoɓin hannu, tana fama da abin feraye dankali, sai ya sa aka ƙera mai kauri da taushin mariƙi, ya fito da shi kasuwa a 1990. Masu lafiyar hannu ma suka saya, don ya fi daɗin riƙewa. Kayan da aka yi wa wanda ya fi kowa wahala sau da yawa yana yi wa na kusa da shi daɗi.

Abin da ke lalacewa

Kujerun irin wannan da ake shigowa da su daga waje suna nan a shagunan kayan asibiti. Dalilin da zai sa mai walda na unguwa ya yi gogayya da su shi ne an ƙera su ne domin daɓen tayil da takardar goge jiki. Mu da ruwa muke tsarki. Mazaunin da ramin tsakiyarsa a rufe yake ta ko'ina ba ya barin hannu da bakin buta su shiga, don haka ana buƙatar a bar giɓi a gaba, kamar siffar kofaton doki. Wannan ƙaramin abu shi ke raba wanda zai yi tsarki da kansa da wanda sai an yi masa.

Ruwan kuma shi ke kashe kayan. Ƙarfen da ba a yi masa rufin hana tsatsa ba yana fara ruɓewa daga wurin walda da gindin ƙafafu. Katakon da ba a shafe shi da fenti mai hana ruwa ba yana shan fitsari, ya yi wari, iyali su jefar da shi. Ƙafafu masu tsini suna nutsewa a daɓen ƙasa, a kan masai mai rufin itace da laka kuwa suna iya huda rufin, wanda haɗari ne na gaske. Maganinsa shi ne a yi wa ƙafafun faffaɗan tafi, ko a haɗa su biyu-biyu da ƙarfe a kwance. Tazarar da ke tsakanin mazauni da bakin rami tana jawo fantsama, sai a rataya bokitin da aka cire wa gindi ya zama mazurari. A gidan haya kuma, inda mutum goma ke amfani da masai ɗaya, dole kujerar ta zama mai ɗaukuwa, marar nauyin da yaro zai kasa ɗagawa.

Hanyar gane ko kayan ya yi aiki ita ce komawa bayan wata guda ba tare da dogon shiri ba. Kada ka tambaya ko ana jin daɗinsa, domin kara za ta sa a ce maka madalla. Duba inda yake. Idan yana kusa da banɗaki, da alamar ruwa a jikinsa, ana amfani da shi. Idan yana bayan ƙofa an ɗora masa kwanuka, wani awo ya kuskure, kuma gano wannan awon ya fi ribar cinikin daraja.

Akwai iyakar da bai kamata a ƙetare ba. Wanda ya samu rauni a laka, ba ya jin taɓi a mazaunansa, zama a kan abu mai tauri na iya jawo masa gyambon da ke kai wa ga halaka. Irin wannan mai saye sai da shawarar likitan gashi ko ma'aikacin jinya. Mai wannan sana'a yana buƙatar irin waɗannan ma'aikata ko ta wane hali, domin su ne ke ganin majinyaci ranar da za a sallame shi, ranar da iyali ke tambayar yadda za su yi da shi a gida.

Lissafi, da wanda zai biya

Farashin ƙarfe yana sauyawa, don haka alƙaluman nan misali ne kawai na yadda ake lissafin. A ƙaddara kayan aikin kujera ɗaya sun ci naira 18,000, ladan mai walda 7,000, zuwa awo da kai kaya 5,000. Jimla 30,000. Idan aka sayar 40,000, ribar 10,000 ce. Kujera 20 a wata za su ba da 200,000 kafin a cire hayar shago. Yanzu a ce kowace kujera sai an koma gyara sau ɗaya a kan 3,000: kusan kashi ɗaya cikin uku na ribar ya tafi. Wannan ya nuna cewa awon farko shi ne zuciyar sana'ar, kuma ya fi kyau a tsaya a kan samfuri uku masu ƙafafun da ake iya ƙara wa tsayi, maimakon ƙera sabon abu ga kowane gida.

Haya wata ƙofa ce. Mai karaya ko wanda aka yi wa tiyata na buƙatar kujerar na 'yan makonni ne. Idan ana ba da ita 5,000 a wata, za ta mayar da kuɗinta a wata shida na haya, muddin ba ta zauna ba aiki ba. Sharaɗin shi ne wanki da maganin kashe ƙwayoyin cuta a gaban mai karɓa, ko a sauya mazaunin da sabo, domin ba wanda ke son gadon irin wannan kaya.

Wa zai biya? Sau da yawa ba mai amfani da kayan ba ne. Ɗan da ke aiki a Abuja, mahaifiyarsa na Katsina, zai biya a yini ɗaya idan ya san akwai wanda zai je ya auna ya kai. Shi ne ya kamata talla ta nufa. Wanda shan-inna ta kama tun yana yaro kuwa, mai ƙaramin samu, yana buƙatar biya kaɗan-kaɗan, ko adashi ta hannun ƙungiyarsu, ko mai zakka da zai saya masa. Sai kuma cibiyoyi. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Duk wanda ya zaga ma'aikatu da makarantu ya san aikin da ya rage yana da yawa. Amma kada a gina sana'a a kan tsammanin za a tilasta bin doka. A gina ta a kan gidaje, kwangilar cibiyoyi ta zama ƙari.

Wani zai ce bai dace a ci riba a kan mai nakasa ba, kamata ya yi a ba shi kyauta. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma akwai masu aikin kyauta da suka yi abin a yaba, kamar cibiyar Ayuba Gufwan da ke Jos, wadda ta daɗe tana ƙera kekunan hannu tana raba wa waɗanda shan-inna ta nakasa. Sai dai wanda aka ba kyauta ba ya iya cewa abin ya yi masa tsayi, godiya kawai zai yi. Mai saye kuwa yana da bakin dawo da kaya, kuma wannan ƙorafin shi ke gyara samfuri. Hanyar da ta haɗa biyun ita ce mai kyauta ya biya, amma mai amfani ya zaɓa, a kuma auna shi kamar kowane mai saye.

Ƙwarewar ma tana hannunsu. A Kano, ƙungiyar waɗanda shan-inna ta shafa, ƙarƙashin Aminu Ahmed Tudun Wada, ta shahara da ƙera kekunan hannu a wurin waldarta. Mai jari da ya zo da wannan tunani zai tarar da masu walda da suka san matsalar a jikinsu. Abin da ya dace shi ne su shigo a matsayin abokan tarayya masu kaso, su ne masu awo, su ne masu gwaji. Dattijon da zai ɓoye wa baƙo yadda yake shiga banɗaki zai faɗa wa wanda ya iso ƙofar gidansa a kan keken hannu.